Yadda tela zai fitar da lissafin riba da asara na wata daga rasit da alat

Jama'a wannan rubutun na teloli ne, maza da mata, musamman masu ƙaramin shago mai keke biyu ko uku da yara a ƙarƙashinsu, irin waɗanda suka cika layukan kasuwar Wunti da unguwanni kamar Jahun da Nasarawa da Yalwa a nan Bauchi. Abin da ke damuna shi ne tela zai yi wata guda yana aiki har dare, alat na ta shigowa, amma ka tambaye shi nawa ya ci riba a watan sai ya buɗe waya ya nuna maka abin da ke cikin akawun. Toh abin da ke cikin akawun ba riba ba ne, mafi yawansa ma a sana'ar ɗinki kuɗin mutane ne da ba ka riga ka yi musu aikinsu ba. Zan bi da ku lissafin shago ɗaya daga farko har ƙarshe. Shagon na misali ne, alƙaluman ma na misali ne, kowa ya saka farashin da yake yi a wajensa.

Mataki na farko shi ne ka tsayar da wata, daga 1 ga wata zuwa ranar ƙarshe, kar ka ce daga sallah zuwa sallah don ba za ka iya tuna komai ba. Sai ka tattaro abubuwa huɗu ka ajiye a gabanka: littafin awo wanda kake rubuta sunan mai kaya da kuɗin ɗinki da abin da ya bayar, rasit ɗin sayayya duk wanda ka samu ko da a bayan kwali aka rubuta, bayanin shige da fice na akawun ɗinka na watan, da kuma littafin da ake rubuta tsabar kuɗi in akwai. Bayanin akawun a cikin manhajar bankin za ka ciro shi, ko Opay ce ko Moniepoint ko bankin da ka saba, ka zaɓi ranakun watan. Kar ka dogara da saƙon alat kaɗai, wani saƙon bai shigowa, wani kuma na bogi ne, wani an turo kuɗin amma ya koma wa mai shi. Rasit ɗin POS kuma rubutunsa gogewa yake musamman a zafin nan namu ko in ka ajiye shi kusa da dutsen guga, don haka a ɗauke shi hoto tun ranar.

In babu rasit na wani abu, kamar fetur ɗin galan ko zaren da yaro ya sayo a bakin layi, ka zauna da yaron ku tuno a rubuta a takarda da kwanan wata. Ƙiyasi mai kusa da gaskiya ya fi barin wajen fili.

Mataki na biyu shi ne tankaɗe kuɗin da ya shigo, kuma nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai. A shagon misalinmu taransfa da POS sun kawo naira 412,000 a watan, tsabar kuɗi kuma 188,000, jimla 600,000. Mai shagon yana jin ya yi cinikin dubu ɗari shida kenan. Bari mu bi kuɗin ɗaya bayan ɗaya, kowane ka tambayi kanka: wannan na ɗinkin da na gama a cikin watan nan ne?

Da farko akwai 120,000 da wani Alhaji ya turo a sayo masa shadda. Wannan kuɗin wucewa kawai ya yi ta hannunka, an je kasuwa an sayo ta 112,000, saura 8,000 Alhaji ya ce a riƙe na wahala. Toh 8,000 ɗin ne kaɗai naka, za mu rubuta shi daban a matsayin la'ada, amma 120,000 ɗin gaba ɗaya ya fita daga kuɗin ɗinki, haka 112,000 ɗin ma ba zai shiga cikin kashe-kashen shago ba. Da yawa suna saka shi a ciniki su manta ba su saka sayen shaddar ba, sai riba ta kumbura a takarda.

Sai kafin alƙalami. Mutane sun kawo ɗinkin biki da na sallah sun ba da wani abu a riƙe, jimla 95,000, kayan kuma suna nan a ƙulle a leda ko yanka ba a yi ba. Wannan kuɗin amana ne. In yau mai kayan ya dawo ya ce ya fasa, kuɗinsa za ka ba shi da yadinsa, kenan bashi ne a kanka har ranar da ka gama aikin. A cire shi, a rubuta shi a wani shafi daban da sunayen masu shi, wata mai zuwa in an gama ɗinkin sai ya zama ciniki.

Akwai kuma 40,000 cikon kuɗin ɗinkin da aka gama tun watan jiya, masu shi sai yanzu suka biya. Cinikin watan jiya ne, in ka yi lissafin watan jiya daidai ka riga ka ƙirga shi, sake ƙirgawa yanzu ya zama sau biyu. Na ƙarshe 50,000 ne na adashi da mai shagon ya kwasa aka turo masa ta akawun ɗin da kwastomomi ke biya. Irin wannan da kuɗin da ɗan'uwa ya turo a kai wa Hajiya, da rancen da ka karɓa, duk ba ruwansu da ɗinki. Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: in ka je wajen mai POS ka cire kuɗi daga akawun ka zuba a durowa, ko ka tura daga wannan akawun naka zuwa wancan, ba sabon kuɗi ba ne ya shigo, kar a rubuta shi a shiga.

In ka haɗa 120,000 da 95,000 da 40,000 da 50,000 za ka samu 305,000, ka cire daga 600,000 saura 295,000. Amma ba mu gama ba, don akwai ɗinkin da aka gama a watan nan wanda kuɗinsa bai shigo a watan nan ba. Kashi ɗaya an karɓi kafin alƙalaminsa tun watan jiya, 35,000, yanzu da aka gama ya halatta a ƙirga shi. Kashi na biyu an gama amma masu shi ba su cika ba, wasu sun karɓi kaya sun ce sai albashi, wasu kayan na rataye ba su zo ba, jimla 62,000. A ƙara su duka biyun, kuɗin ɗinkin watan ya zama 392,000.

Nasan wani zai ce ta yaya zan ƙirga kuɗin da ban gani ba. Dalilin shi ne ka riga ka kashe zare da fetur ka biya yaro a kan wannan aikin a cikin watan nan, in ka rubuta kashewar ba ka rubuta cinikin ba watan zai nuna asarar da ba ta faru ba, wata mai zuwa kuma ya nuna ribar da ba tasa ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce ranar da aka gama ɗinki aka goge aka sanar da mai shi, ranar ce ya zama ciniki. Wasu sun fi son ranar da aka miƙa kaya, ba laifi, abin da ba a so shi ne ka riƙa canzawa wata zuwa wata.

Yanzu ka gwada wannan 392,000 ɗin da littafin awo, wannan gwajin kar a tsallake shi. Ka ƙirga duk ɗinkin da aka gama a watan. A misalinmu kaftani da wando 28 a kan 9,000 ya ba da 252,000, babbar riga 4 a kan 25,000 ya ba da 100,000, kayan yara 10 a kan 3,000 ya ba da 30,000, sai gyare-gyare na rage tsawo da canza zif 10,000. Jimla 392,000, sun haɗu kenan. In littafin awo ya fi yawa, akwai wanda ya biya a hannu ba a rubuta ba ko wanda ake bi bashi aka manta da shi. In kuɗin ne ya fi yawa, to akwai ɗinkin da bai shiga littafi ba ko wata taransfa da ba ta ɗinki ba ce ta saje. Da la'adar shadda 8,000, kuɗin shigar shagon gaba ɗaya 400,000 ne, ba 600,000 ba.

Mataki na uku, kuɗin da ɗinkin da kansa ya ci. Wato abin da in ba a yi ɗinki ba ba za a kashe shi ba: zare, shafi, sitif, maɓalli, zif, kuɗin mai aikin wuya, kuɗin yara in da ƙirge ake biyansu, da bugu.

Kayan aiki suna da ɗan tarko. Rasit ya nuna an sayo na 58,000 a watan, amma ba duka aka yi amfani da su ba, kuma akwai ragowar watan jiya. Abin yi shi ne ranar ƙarshen wata ka buɗe durowa da kwali ka ƙiyasta abin da ya rage a farashin da ka saya, ba sai ka ƙirga maɓalli ɗaya-ɗaya ba, ƙwaryar zare nawa, sitif yadi nawa, zif dozin nawa. A shagonmu an shiga wata da kayan 20,000, an sayo na 58,000, an fita da na 30,000. Ka haɗa na farko da na biyu ka cire na uku, abin da aka cinye 48,000 ne. In wannan ne karonka na farko ba ka san abin da ka shiga wata da shi ba, yi ƙiyasi, amma na ƙarshen watan ka ƙirga shi da kyau don shi ne zai zama na farkon wata mai zuwa.

Mai aikin wuya ya yi aikin 64,000, an ba shi 50,000 yana bin 14,000. Abin da za a rubuta 64,000 ne. Yadda ka ƙirga bashin da kake bi a ciniki haka za ka ƙirga wanda ake binka a kashewa, in ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya kanka ka yaudara. Yara masu haɗi ana ba su 2,000 a kaftani, 4,000 a babbar riga, 800 a kayan yara, wato 56,000 da 16,000 da 8,000, jimla 80,000. Bugu da guga 9,500. Gaba ɗaya 201,500. Ka cire daga 400,000, saura 198,500. Wannan ita ce ribar farko, ribar ɗinki kafin a biya hidimar shago, kuma ita ce ke gaya maka ko farashinka ya yi daidai. A nan kusan rabin kowace naira ke saura. In wata mai zuwa ka ga ta sauko sosai alhali ba ka rage kuɗin ɗinki ba, je ka duba farashin kayan aiki ko kuma zare da sitif na bin wata hanya.

Mataki na huɗu, hidimar shago, wadda ko an yi ɗinki ko ba a yi ba tana nan. Mafi yawanta kwafewa ne kawai daga rasit: wuta 10,000, fetur ɗin janareta 36,000, gyaran keke da mai da allura 6,500, abinci da kuɗin motar yara masu koyo 18,000, mai gadi da shara 3,000, kati da data na harkar shago 4,000, cajin banki da POS 1,800. Cajin nan a bayanin akawun kawai za ka gan shi, irin naira hamsin-hamsin da ake cirewa a taransfa ta naira 10,000 zuwa sama da kuɗin saƙo, ƙanana ne amma suna taruwa. Akwai kuma 12,000 da aka biya wani kwastoma saboda yaro ya ƙona masa yadi da dutsen guga, wannan ma asarar shago ce a rubuta ta, ba abin ɓoyewa ba ne.

Abu biyu ne ba za ka same su a rasit ɗin watan ba kuma su ne ake mantawa. Na farko haya. A nan shekara ake biya, in shagon 180,000 ne ka raba gida 12, kowane wata ya ɗauki 15,000 ko da ba a watan ka biya ba. Wanda bai yi haka ba zai ga wata goma sha ɗaya suna da kyau, ranar da wanda ya ba da hayar shagon ya aiko kuma a shiga neman rance. Haka za a yi da duk abin da ake biya na shekara, kamar kuɗin ƙaramar hukuma ko na ƙungiya. Na biyu tsufan kayan aiki. Keken da ka saya 300,000 ba za ka zuba kuɗinsa duka a watan da ka saye shi ba, kuma ba za ka yi kamar kyauta yake aiki ba. Ka ƙiyasta shekarun da zai yi maka, a ce 5, wato wata 60, kowane wata 5,000. Janareta na 144,000 a ce shekara 3, wata 36, kowane wata 4,000. Jimla 9,000. Shekarun nan kai ne za ka yanke don kai ka san yadda kake moran kayanka, gara ma ka rage da ka ƙara.

In ka tara hidimar shago duka za ta ba ka 115,300. Takardar da za ka fitar a ƙarshe ga yadda za ta kasance, sama a rubuta sunan shago da watan:

Kuɗin ɗinki 392,000
La'adar sayen yadi 8,000
Jimlar kuɗin shiga 400,000

Kayan aiki da aka cinye 48,000
Aikin wuya 64,000
Kuɗin yara 80,000
Bugu da guga 9,500
Jimlar abin da ɗinki ya ci 201,500

Ribar farko 198,500

Haya 15,000
Wuta da fetur 46,000
Gyara 6,500
Abinci da mota 18,000
Gadi, shara, kati, caji 8,800
Tsufan keke da janareta 9,000
Biyan ɓarna 12,000
Jimlar hidimar shago 115,300

Ribar wata 83,200

Kun ga daga 600,000 ɗin da ya wuce ta hannu, ribar 83,200 ce. Da jimlar hidimar shago ta fi ribar farko yawa sai a rubuta asara, kuma a watannin bayan sallah da aiki ke ja baya hakan na faruwa, ba abin tashin hankali ba ne in watannin aiki sun rufe.

Za ku lura ban saka kuɗin cefane ba. Mai shagon nan ya ɗauki 70,000 na gida da makarantar yara, ya zuba adashi 30,000, jimla 100,000. Wannan ba kashewar shago ba ce, rabonsa ne ya ɗiba, don haka ba ya shiga cikin takardar, a ƙasa ake rubuta shi a gwada da riba. Kuma gwajin ne ke fito da matsalar: ya ci ribar 83,200 ya ɗibi 100,000, ƙarin 16,800 ɗin daga ina ya fito? Daga kafin alƙalamin mutane ko daga jari. Wallahi haka shaguna da yawa ke zuwa daf da sallah ba kuɗin sayen shafi da zare alhali kowa ya biya rabi, sai a fara saɓa alƙawari, a ce tela maƙaryaci ne, bayan tun wata biyu baya kuɗin aikin ya tafi a cefane ba tare da shi kansa ya sani ba. Sannan a tuna 83,200 ɗin nan har da ladan hannunsa a ciki, shi ke awo shi ke yanka bai biya kansa ba. In kana so ka san ko shagon da kansa na kawo wani abu, ka ƙiyasta abin da za ka biya wani ya yi maka yankan ka cire ka ga abin da ya rage.

Saura gwaji na ƙarshe, wanda zai nuna ko akwai kuɗin da ya fita ba a rubuta ba. A nan duk kuɗin da ya motsa ake ƙirgawa, na ɗinki da wanda ba na ɗinki ba. An shiga wata da 25,000 tsakanin durowa da akawun, 600,000 ya shigo, ya zama 625,000. Abin da ya fita a zahiri: shaddar Alhaji 112,000, kayan aiki 58,000, mai aikin wuya 50,000, yara 80,000, bugu 9,500, hidimar shago 91,300 tunda haya da tsufan keke ba kuɗi aka fitar ba a watan, sai ɗiban mai shago 100,000. Jimla 500,800. Kenan ya kamata a tarar da 124,200. In aka ƙirga aka samu 117,000, akwai 7,200 da ta ɓace, kuma wajen nemanta an san shi: fetur da aka sayo da dare, sadaka da kuɗin mota da aka miƙa wa baƙo daga durowa, canjin da aka aiki yaro bai dawo da shi ba, ko alat ɗin da aka gani a wayar kwastoma amma bai sauka ba. Abin da ka gano na shago ne ka ƙara shi a hidima riba ta ragu, na gida kuma ya tafi cikin ɗiba. In giɓin ɗan kaɗan ne ka rubuta shi a matsayin kuɗin da ba a gano ba ka wuce, amma in kowane wata yana dawowa kuma yana girma, a tsayar da mutum ɗaya mai karɓar kuɗi, a kuma raba akawun ɗin shago da na gida.

Ko 124,200 ɗin ma a duba ta da kyau kafin a taɓa, 95,000 na masu kafin alƙalami ne, 14,000 na mai aikin wuya, abin da ya rage 15,200, shi ma don adashin 50,000 ya faɗo ciki ne.

Bashin 62,000 da muka ƙirga a ciniki kuma kar a bar shi haka. A buɗe masa shafi da suna da kwanan wata, wanda ya biya a soke, kuma kar a sake saka shi a cinikin watan da ya biya. Wanda ya wuce wata shida ba labari, waya ba ta shiga, kayan ma ya riga ya karɓa, a rubuta kuɗin a cikin hidimar shago na watan da ka haƙura a matsayin bashin da ya mutu. In Allah ya sa daga baya mutumin ya kawo, sai a saka shi a kuɗin shigar watan da ya kawo a layi na daban.